Norway kashi 20, Amurka kashi 77: anya mudu ɗaya aka auna da shi?

Tambaya: Malam, ina karatun nazarin laifuka ne. Na sha karanta cewa a Norway kashi 20 cikin 100 na fursunonin da aka saki ne kawai ke sake yin laifi, a Amurka kuwa kusan kashi 77. Jiya kuma na ga wani wuri an ce na Amurka kashi 28 ne. Wanne ne gaskiya a ciki, kuma wane zan saka a rubutuna?

Amsa: Malama, babu na ƙarya a cikinsu, kuma nan ne matsalar take. Abin da zai fi ba ki mamaki shi ne, 77 ɗin da 28 ɗin daga rahoto ɗaya suka fito, a kan mutane ɗaya.

Babu wanda ya taɓa ƙirga sake yin laifi kai tsaye. Wanda ya fita daga gidan yari ya yi sata ba a gane shi ba, a takarda shiryayye ne. Abin da ake ƙirgawa shi ne sawun da mutum ya bari a littattafan hukuma: 'yan sanda sun kama shi, ko kotu ta same shi da laifi, ko an mayar da shi gidan yari. Kowanne daga cikin waɗannan ƙofa ce daban, kuma ba kowa ke wuce su duka ba.

Ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'ar Amurka ya bi diddigin wani samfuri da ke wakiltar fursunoni kimanin 400,000 da aka saki a jihohi 30 a shekarar 2005. A rahoton da ya fitar a 2014, cikin shekara biyar an sake kama kusan kashi 77 daga cikinsu. Waɗanda kotu ta samu da sabon laifi kuwa kashi 55 ne. Waɗanda aka yanke wa sabon hukuncin zaman gidan yari na jiha ko na tarayya su ne kashi 28. Mutanen ba su canza ba, halinsu bai canza ba. Inda mai ƙirga ya ajiye kujerarsa ne ya canza.

Kowace ƙofa da irin zambar da take yi. Ƙirga kamu yana kumbura adadin, domin tsohon fursuna shi 'yan sanda suka sani, shi ake fara nema idan an fasa shago a unguwa, kuma kamu ba hukunci ba ne. Ƙirga hukuncin kotu ya fi adalci, amma yana rage adadin, domin shari'a na rushewa saboda shaida ya ƙi zuwa ko hujja ta yi rauni, ba don mutumin bai aikata ba.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce "komawa gidan yari". A wancan rahoton, a jihohin da suka ba da cikakken bayani, kusan kashi 55 sun koma ciki. To ta yaya 55 suka koma alhali 28 aka yanke wa sabon zama? Yawancin ratar ta masu sakin talala ce. A Amurka ana sakin mutum bisa sharuɗɗa: ya riƙa kai kansa gaban jami'in da ke sa masa ido, kada ya bar gari ba izini, a riƙa gwada shi ko ya sha ƙwaya. Idan ya saɓa ɗaya, ana iya mayar da shi ba tare da kotu ta same shi da wani sabon laifi ba. Jihar da ta tsananta sa ido za ta fito da adadi mai muni, wadda ta sassauta ta fito tas. Wani lokaci idan kika ji an ce adadin wata jiha ya faɗi, ba tsofaffin fursunoni ne suka shiryu ba, dokar talala ce aka sauya.

Sai tsawon lokaci. Su dai waɗancan mutanen na 2005, kashi 44 aka kama a shekarar farko, 68 cikin shekara uku, 83 cikin shekara tara. Adadin ba ya taɓa komawa baya, tun da wanda aka rubuta an rubuta shi ke nan. Ingila da Wales shekara ɗaya suke dubawa, su ƙara wata shida don kotu ta kammala shari'un da ke gabanta, kuma suna haɗawa har da gargaɗin da 'yan sanda ke yi a hukumance.

Yanzu ki koma kan 20 ɗin Norway. Shekara biyu aka duba, ba biyar ba, kuma sabon hukuncin kotu aka ƙirga, ba kamu ba. Ajiye shi kusa da 77 kamar a auna gero da tiya ne, a auna dawa da buhu, a ce ga wanda ya fi. Wasu masu bincike biyu 'yan ƙasar, Andersen da Skardhamar, sun ɗauki bayanan Norway ɗin kanta suka riƙa juya ma'aunin, suka fito da adadi 36, daga kashi 9 har zuwa 53. Ba ina cewa babu bambanci tsakanin ƙasashen biyu ba ne. Ina cewa ratar 20 da 77 ba ita ce girmansa ba.

Akwai kuma tarkon da har masu digiri ke faɗawa, shi ne su wa aka fara tarawa kafin a ƙirga. Ƙasar da ke ɗaure mutum 'yan makonni saboda tuƙi cikin maye, kamar yadda Norway ta daɗe tana yi, ta cika jerinta da mutanen da tun asali ba za su dawo ba. Ƙasar da ke barin irin waɗannan da tara kawai, ta tura masu dogon tarihi ciki, adadinta zai fi muni ko da gidajen yarinta sun fi aiki.

Bari in ƙaga miki misali mai tsanani don abin ya fito. Wani gidan yari, cikin shekara goma, mutum 100 sun shiga sau ɗaya ba su ƙara ba, ana sakin goma duk shekara. Akwai kuma wasu mutum 10 'yan gida, duk shekara sai sun shiga sun fita. Idan kika tsaya a bakin ƙofa shekara ɗaya, mutum 20 za ki ga sun fito, 10 su dawo, ki rubuta kashi 50. Idan kuwa kika ƙirga duk wanda ya taɓa kwana a ciki cikin shekara goman, 10 ne cikin 110, wato kashi 9 da ɗoriya. Na farko ya amsa tambayar shugaban gidan yari, wanda yake son sanin nawa za su dawo cikin waɗanda ya sallama bana. Bai amsa tambayar uwar da aka ɗaure ɗanta karon farko ba. Manyan rahotannin Amurka da na ambata irin na bakin ƙofa ne.

Duk wannan kuma sai an iya gane mutum idan ya dawo. Amurka na haɗa bayanan da zanen yatsa, Norway da lambar ɗan ƙasa. Inda babu irin wannan, mutum ya yi zama a wata jiha, a kama shi a wata ya ba da sabon suna, sai a rubuta shi sabon shiga. Shi ya sa idan kika ga an ba da adadi na Najeriya, ki fara tambayar ko an ware masu jiran shari'a, tun da su ne suka fi yawa a gidajen gyaran halinmu, kuma ba a same su da laifin farko ba balle na biyu.

A rubutunki, ni dai zan zaɓi sabon hukuncin kotu cikin shekara biyu ko uku, domin shi ya fi sauƙin kwatantawa tsakanin ƙasashe. Na Amurka a shekara uku kashi 45 ne. Ki rubuta shi da cikakken sunansa: kashi 45 na fursunonin da aka saki a 2005 a jihohin da aka duba, kotu ta same su da sabon laifi cikin shekara uku.