Gobe zan gabatar da Baba a raun: in ce a sayo madarar gwangwani ko a dama kunu?

Tambaya: Salam Anti, ni intan ce a sashen abinci, gobe da safe zan gabatar da wani dattijo ɗan shekara 74 a raun, minti 2 kacal aka ba ni. Nimoniya ce ta kawo shi, kilo 44 yanzu, wata 4 da suka wuce 52 ne, tsawo mita 1.68, kwana 12 ba ya cin komai sai shayi. Ƴaƴansa sun ce in faɗa musu ko su sayo madarar gwangwani ta marasa lafiya mai tsadar nan ko kunu ya isa. Me zan ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ajiye maganar gwangwani tukuna, abin da kwansaltan yake son ji daga bakinki shi ne Baban nan yana cikin haɗari in aka ɗura masa abinci lokaci guda. Ya zubar da kilo 8 cikin 52, wato ɗan sama da kashi 15 cikin 100, lissafin nauyi da tsawonsa 44 ÷ (1.68 × 1.68) ya ba da 15.6, ƙasa da 16 ke nan, ga rashin ci da ya wuce kwana 10. Ko ɗaya daga cikin ukun nan ya isa a sa shi a layin masu babban haɗari, shi kuwa ya haɗa duka.

Jikin da ya daɗe da yunwa, da zarar sitaci da suga sun shiga sai insulin ya tashi ya janye fosfet da fotasiyam da maganiziyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, daga nan sai ki ga kumburin ƙafa, numfashi sama-sama, bugun zuciya ya rikice, mutum ya fara sambatu, yawanci a kwana ukun farko, kuma abin tausayi dangi murna suke Baba ya fara ci.

Don haka a raun, jimla ɗaya ta ishe ki kan waye shi da abin da ya kawo shi, likitoci sun riga sun sani, kar ki ƙona lokacinki a nan. Sai alƙaluman can, sai abin da ya hana shi ci, wanda dole ki je bakin gado yau ki gano da kanki. Ki duba baki, akwai haƙora, akwai farin gyambo a harshe? In ya kurɓi ruwa yana ƙwarewa? Waye ke dafa masa a gida? Ki danna ƙafa, in akwai kumburi to nauyinsa na gaskiya bai ma kai 44 ba. In da tef ki auna ƙwaurinsa inda ya fi kauri, ƙasa da santimita 31 alama ce tsoka ta zube.

Sai ki rufe da shawararki a fili. Inda za a je shi ne kusan kalori 30 kan kowane kilo, 1,320 ke nan a rana, furotin giram 1.2 kan kilo, wajen giram 53, in gwajin ƙoda ya yi kyau. Amma za a fara da kalori 10 kan kilo, 440 a rana, a ƙara a hankali cikin kwana 4 zuwa 7. Ki roƙi a gwada sinadaran nan uku kafin a fara da kullum a kwanakin farko, likita kuma ya rubuta bitamin B1 kafin abinci ya shiga.

To batun saye. Ni dai ba zan sa su kashe kuɗi a satin nan ba, kalori 440 ɗin nan, kunun gyada mara suga da yawa, rabin kofi rabin kofi sau 5 ko 6, da dafaffen ƙwai ɗaya da aka murje sun isa su ba da shi. Kuɗin gwangwanin gara a biya gwajin jini da shi. In an wuce haɗarin sai a ƙarfafa kunun, giram 30 na madarar gari mai maiƙo na ba da wajen kalori 150 da furotin giram 7, cokalin mai babba wajen 120, ƙwai wajen 70 da furotin giram 6, ga alale da awara da faten dankali masu laushi. Gwangwani yana da ranarsa, in an yi kwanaki ana rubuta abin da ya ci aka ga bai kai rabin buƙatarsa ba, ko babu mai dama masa, sai a saya a riƙa ba shi tsakanin abinci, ba a madadinsa ba. In kuwa yana ƙwarewa, ki faɗa a raun a duba haɗiyarsa kafin a ba shi komai mai ruwa-ruwa, don abin da ya zarce huhu nimoniyar zai ƙara masa.