Katin mai rauni a atisayen hatsarin kar: mi za a rubuta, mi za a ɓoye

"Majo ina wuni, ya gajiya. An ɗora mini shirya atisayen hatsarin kar a likitarmu wata mai kamawa, masu rauni 30, ɗaliban makarantar lafiya ne za su yi kamar sun ji ciwo. Na fara katunan, ko wane na sa sunan ciwon da launinsa, misali karayar cinya, rawaya. Haka ake yi ko da gyara?"

Lafiya lau ɗana, Allah shi taimaka. Da gyara, kuma gara da ka tambaya tun ba ka kai katin talatin ba. Goge sunan ciwo, goge launi. In anfirme ya ɗaga kati ya ga an rubuta rawaya to karatu kawai ya yi, bai duba kowa ba, kuma ranar da kar ta gaske ta kife babu wanda zai shigo urjans da sunan ciwonsa rataye a wuya. Abin da ake sa wa a kati shi ne abin da ido ke gani da abin da hannu ke aunawa, sai kuma yadda za su canza in lokaci ya tafi. Launi, wato ja ga mai tsanani, rawaya ga mai iya jira, kore ga mai sauƙi, baƙi ga wanda ba a iya cetowa, aikin mai tantancewa ne, kai ka riƙe amsar a aljihunka.

Labarin kansa kada ya wuce rabin shafi. Ka ce kar ce mai cin mutum wajen 60 ta taso daga Damagaram, taya ta fashe mata a RN1 tsakanin Cadawa da Maradi, kilomita kamar 30 daga gari, ta kife ƙarfe 10 na safe. An kira 18, lambar sapar pompiye, ƙarfe 10 da minti 5, likita ta samu waya da minti 15, kuma wayar nan ka sa ta zo da kuskure, a ce mutum goma ne alhali talatin ke tafe, don labarin farko kusan kullum haka yake zuwa. Sannan ka kula da jerin isowa, nan ne masu shirya atisaye ke yawan yin son rai. Sai ka ga sun sa ambilans ta fara kawo mafi tsanani ɗaya bayan ɗaya cikin tsari. A zahiri waɗanda ke iya tafiya da ƙafarsu su ke fara cika ƙofa, a kan kabu-kabu da adaidaita da bayan motar wani bawan Allah da ya tsaya taimako, masu mugun rauni suna can cikin ƙarfe sai sapar pompiye sun ciro su. To ka sa masu sauƙi goma su faɗo lokaci guda da minti 35, jajayen su fara zuwa wajen ƙarfe 11 saura, ka gani ko za su tarar da gadajen urjans a cike da masu ƙujewa. Cikin talatin ɗin ni zan raba kamar ja 5, rawaya 8, kore 14, baƙi 3, da mai ciki guda da yara biyu ko uku.

Ko wane mai rauni katinsa biyu ne masu lamba ɗaya. Na farko na ɗalibin da zai yi wasan, da Hausa mai sauƙi, babu adadin awo ko ɗaya. Na biyu na mai lura ne, wanda ke bin sa da agogo, shi ke riƙe da adadin kuma ba ya faɗin komi sai an yi aikin. Wanda ya kama wuyan hannu ya ƙirga shi ake gaya wa bugun jini, wanda ya ɗaura abin awon tansiyo shi ake gaya wa tansiyo. In mutum ya tsaya daga nesa ya ce nawa ne, amsarsa auna ka gani.

Bari in yi maka guda ɗaya cikakke, mu ce lamba 14. Saurayi ɗan shekara 24, yana zaune gefen hagu wajen taga, ƙarfen kujera ya buge shi a haƙarƙarin hagu na ƙasa. A katin ɗan wasa ka rubuta: ka shigo da ƙafarka kana dafe da gefen hagu, in an tambaye ka ka ce ba komi gefena ne kawai, ku duba sauran. Bayan minti 15 ka fara roƙon ruwa, kuma in an tambaye ka ina ke ciwo, sai an tambaya fa, ka ce har kafaɗar hagu. Minti 25 ka zauna ƙasa ka ce jiri. Minti 35 ka kwanta, ka riƙa amsawa a hankali kamar mai barci. Kada ka yi ihu ko sau ɗaya.

A katin mai lura kuwa, lokacin isowa bugu 104, numfashi 22, tansiyo 12/8. Minti 15 bugu 118, numfashi 26, tansiyo 11/8, tafin hannu sanyi da gumi. Minti 30 bugu 134, numfashi 32, tansiyo 8/5, da ƙyar ake jin bugu a wuyan hannu, ciki ya ɗaure. Kai ka san saifa ce ta fashe yana zubar da jini a ciki, amma kalmar saifa ba ta fito a katin da kowa zai gani ba. Ka lura tansiyo bai faɗi da wuri ba, da gangan ne. Babban mutum jininsa wajen lita 5 ne, kuma saurayi mai ƙarfi na iya rasa kusan lita ɗaya da rabi tansiyonsa na nan kamar ba komi, bugu ne ke fara tona asiri. In ka sa tansiyo ya faɗi tun minti na farko ka koya wa mutanenka ƙarya.

To wane launi ne daidai gare shi? Da tsarin START, wanda aka fito da shi a Kaliforniya a 1983 kuma yawancinmu da shi muke aiki a ƙofa, duk mai tafiya da ƙafarsa kore ne. Wanda ba ya tafiya ana duba numfashi, in ya wuce 30 a minti ja, in ba a jin bugu a wuyan hannu ko an danna farce ya wuce sakan 2 bai dawo ba ja, in ba ya bin umarni mai sauƙi ja, sauran rawaya, wanda ba ya numfashi ko bayan an buɗe masa hanyar iska baƙi. Kenan wanda ya ba lamba 14 kore a ƙofa bai yi laifi ba, kada ka rage masa maki. Abin da katin nan ke gwadawa shi ne ko akwai mai komawa wurin korayen yana sake duba su, ko kuwa an tura su ƙarƙashin bedi an manta. Na taɓa ganin atisaye a wata likita inda irin wannan yaro ya kwanta a benci sama da rabin awa ana wuce shi, kowa na can wajen wata mai tsaga a fatar kai da ke kururuwa tana jan rigar duk wanda ya gifta. Ita ma katinta ne, ka rubuta irinta guda biyu, jini ko ina a fuska, bugu 96, komi nata lafiya.

Ƙasan katin mai lura sai ka sa reshe biyu. In an gano shi kafin minti 20, aka sa masa hanyar serom biyu manya, aka ɗauki jini zuwa labo, aka ba shi taranekzamik, maganin rage zubar jini, giram 1 in kuna da shi, aka kira likitan tiyata, to tansiyo ya tsaya 9/6 har ya shiga bulok, wato wurin tiyata. In minti 60 ta cika bai shiga bulok ba, mai lura ya karɓe katin launinsa ya sa baƙi, babu roƙo babu jayayya. Za a ji haushi, a ji.

Wannan reshen ba ya aiki sai lokaci da kaya sun zama na gaske. Ba a huda ɗalibi da allura, amma wanda ya ce na sa serom dole ya kawo kayan a hannunsa ya tsaya wurin minti 5 kafin a rubuta an yi. Tiyatar ciki ta riƙe ɗakin bulok da mutanensa awa ɗaya da rabi, babu wanda zai fito ya je ya taimaka a ƙofa. Jini kuma da safen ranar ka je wurin ajiya ka tambayi leda nawa ke akwai na ko wane rukuni, ka yanka takardu daidai adadin, takarda ɗaya leda ɗaya, in sun ƙare sun ƙare. Haka oksijan, haka barankar. Da jajaye 5 da ɗakin tiyata ɗaya ko biyu dole wani ya zaɓi wa zai fara shiga, kuma wannan zaɓin ne ake son shugaban gardi ya ɗanɗana tun kafin ranar gaske. In ka ga an gama cikin minti 40 babu wanda ya mutu ana ta tafi, katunanka ne suka yi sauƙi.

Katin ma'aikata daban ne, gajere, layi biyar ko shida na abin da mutum zai yi a minti goman farko da wanda zai kai wa rahoto. A rubuta sunan matsayi, mai tantancewa, shugaban wurin ja, mai rajista, mai gadin ƙofa, kada a sa sunan mutum, don hatsari na iya zuwa ranar da wane ya tafi ƙauye biki. Mai tantancewa ka ja masa layi a ƙarƙashin cewa ba ya yin magani, iyakarsa buɗe hanyar iska da tsaida jini mai tsartuwa, ƙasa da minti ɗaya ga mutum ya wuce. Mai rajista kuma da lamba zai yi aiki, kada ya tsaya neman suna. Ka ƙara katin dangi kamar shida, uwa mai neman ɗanta, wani mai ɗaukar bidiyo da waya, wani babban mutum da ke son a fara duba nasa, su ne jarrabawar mai gadi.

Na yaran kada ka kwafi adadin manya, yaro na numfashi da sauri a lafiyarsa ma, a nasu tsarin ja shi ne ƙasa da 15 ko sama da 45. Kuma ni da ƴar tsana nake yi na rataya mata kati, ban son a kawo ƙananan yara cikin ihun nan. Mai cikin kuma mai lura ya duba ko an karkata ta gefen hagu.

Sai ka zaɓi kalmar tsaida wasa ka rubuta ta bayan ko wane kati, kamar "gaske ne", don ɗalibi na iya suma da gaske cikin zafin Maradi, kuma marasa lafiya na gaske ba za su daina zuwa ba, a bar musu ƙofa da ma'aikatansu. Duk waya da duk saƙo a fara da "atisaye ne", a sanar da hukuma da ƴan sanda da maƙwabta tun jajibiri, in ba haka ba hoton ɗalibi da ruwan zoɓo a riga zai zaga gari kafin azahar a ce kar ta kashe mutane. Ka rubuta jajayen biyar da lamba 14 tukun, ka kawo mini ranar gardina mu duba adadin tare kafin ka yi sauran.