Layukan ba su gitta juna ba, amma tebur ya ce akwai cuɗanya

Tambaya: Salamu alaikum. Ina rubuta memuwar a nan Yamai. Na gwada hatsi iri biyu, HKP da na gargajiya, da taki da kuma babu taki, kowane haɗi fegi 4. Kilo a hekta: na gargajiya 500 ya koma 650 da taki, HKP 550 ya koma 950. A zanen layukan ba su gitta juna ba, amma layin `iri:taki` a teburin ANOVA ya ba ni p = 0.028, `Mean Sq` na `Residuals` kuma 10000. Wanne zan yarda da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Yarda da duka biyun, don bakinsu ɗaya. Wanda ya ce maka sai layuka sun gitta juna ake samun cuɗanya, wadda muke ce wa anteraksiyon a aji, ya gajarce maka karatu. Abin da ido zai nema shi ne ratar da ke tsakanin layukan: tana nan yadda take daga hagu zuwa dama, ko ta canza?

Ɗora yatsa a hagun zanenka, inda babu taki. Ɗigo biyun sun kusa haɗa kai, kilo 50 ne tsakaninsu. Ja yatsan zuwa dama. Ratar ta zama 300, ta buɗe kamar bakin almakashi. Ko ka bi kowane layi shi kaɗai: taki ya ƙara wa na gargajiya 150, ya ƙara wa HKP 400. Bambancin nan na 250 shi ne cuɗanyar. Da layukan sun tafi kafaɗa da kafaɗa, da sifili za ka samu, ka ce aikin taki bai damu da irin da aka shuka ba. Gittawa wani nau'i ne kawai, inda wanda ke sama a hagu ya koma ƙasa a dama. Naka HKP ne a sama ko'ina, girman fifikonsa ne ya dogara da taki.

Inda zane yake yaudara shi ne ba ya nuna yadda fegi ya saɓa da fegi. Ɗigo huɗu ne kawai, kowanne matsakaicin fegi 4. A nan tebur yake shigowa. `sqrt(10000)` ya ba ka 100, wato gwargwadon warwatsuwar fegi ɗaya ke nan. Kuskuren bambancin bambance-bambance a gwaji mai biyu da biyu shi ne `2 * s / sqrt(n)`, s ita ce warwatsuwar nan ta 100, n kuma yawan fegi a kowane haɗi; tunda n ɗinka 4 ne, ya dawo 100 cif. Raba 250 da 100, ka samu 2.5; ninka shi da kansa, ka samu 6.25, na tabbata shi ne a ƙarƙashin `F value`. Yanzu ɗauka warwatsuwar 200 ce. Zanen ba zai motsa ko kaɗan ba, amma 2.5 ya koma 1.25, p ya haura 0.2, kuma ba ka da bakin cewa komai.

Ni ma na taɓa ƙonewa. A wani gwajin albasa da na yi a yankin Tawa, layukana sun gitta juna gwanin sha'awa, har na fara rubuta bayani shafi biyu. Da na koma littafin gona, ashe fangali ɗaya ne ruwa ya kwanta masa, albasar ta ruɓe, ta ja matsakaicin ƙasa. Tun ranar ba na karanta layi sai na ga ɗigon kowane fegi:

```r
with(d, interaction.plot(taki, iri, amfani,
                         ylim = c(0, 1200)))
with(d, points(as.numeric(factor(taki)), amfani,
               pch = as.numeric(factor(iri))))
tapply(d$amfani, list(d$iri, d$taki), sd)
```

`ylim` ɗin da gangan na sa shi. Idan ka bar R ya zaɓa, zai miƙe zanen daga ƙaramar lamba zuwa babba, sai kilo 20 ya yi kama da dutse. Layin `tapply` kuma zai nuna maka idan wani haɗi ya fi 'yan'uwansa warwatsewa nesa ba kusa ba; idan ka ga haka, koma kan fegin nan 4 ɗaya bayan ɗaya.

Sai wurin rubutu, inda malamai suka fi kama ɗalibai. Kada ka rubuta cewa taki yana ƙara kilo 275. Lissafin daidai ne, matsakaicin 150 da 400 ne, amma babu irin da ya samu 275 a gonarka. Manomin da ya riƙe irin kakanninsa zai sa rai da abin da ba zai gani ba. Rubuta su dabam: a kan HKP ƙarin 400, a kan na gargajiya 150, kowanne da tazarar amincinsa. Wannan 150 ɗin ma ka bi shi a hankali, don kuskurensa ya kai kusan 71, da kyar yake tsaye da fegi 4. Kuma ka faɗi cewa damana ɗaya ce a gona ɗaya, kafin wani daga cikin masu jarraba ka ya riga ka faɗa.