Lamba ba ta tsayawa ita kaɗai a hoton farashi

"Maigida, na haɗa wa Hajiya mai atamfa hotuna takwas a jere, irin waɗanda ake ja da yatsa, kowanne da kuɗinsa. Amma masu saye sai gardama suke yi da ita a kan farashi. Ina na kuskure?"

Na duba aikin naka, ɗana. Launi ya fita, atamfar ta yi kyau, amma a hoto na uku, na ɗankwali, ka rubuta 500 kawai. Na tabbata a waya Hajiya ta ce maka "ɗari biyar", kai kuma ka sauke shi yadda ka ji. To mu nan Garwa baki da dala yake lissafi, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Ɗari biyar ɗinta jaka biyu da rabi ke nan, wato faran 2500. Wadda ta ga 500 za ta zo kasuwa da takardar dala ɗari a hannu, ta tarar kuɗin ya ninka sau biyar, ta ce an yaudare ta. Duk lokacin da mai kaya ya faɗa maka kuɗi, ka tambaye shi: dala ko faran? Ka ninka da biyar in dala ce, ka tura masa a rubuce ya amince kafin ka ɗora.

Sannan FCFA ɗin da ka sa a hoton farko kaɗai bai wadatar ba. Mutane ba jerin suke turawa ba, hoto ɗaya suke ɗauka su jefa a WhatsApp. In ya faɗa hannun wata a Mubi ko Yola, naira za ta karanta. Saboda haka kowane hoto ya ɗauki nasa bayanin cikakke, kamar haka:

Atamfa, turmi ɗaya (yadi 6): 12 500 FCFA

Ka lura da ɗan filin da na bari bayan 12. Waɗanda suka yi makarantar Faransanci waƙafi a wurinsu alamar ɓarin lamba ce, mutanen Najeriya kuma da shi suke raba dubu, to fili ya raba gardama. Wannan 12,5k da samari ke yayi ka bar shi, uwar gida mai sayen kayan biki ba ta san shi ba. Kalmar turmi ma kada ta faɗi, don ita ce ke hana a ce an ɗauka kuɗin yadi uku ne.

In akwai ragi ga mai ɗaukar turmi goma, ka ba shi hotonsa daban, kar lambobi biyu su yi cinkoso wuri guda. A ƙasan kowanne ka sa watan da aka yi farashin, da layi ɗaya mai cewa kuɗin aikawa Marwa ko Ngaundere ba ya ciki.

Kafin ka miƙa wa Hajiya, ciro hoto na biyar shi kaɗai, ka buɗe a ƙaramar waya, ka nuna wa mai shayin bakin shago. Ka tambaye shi mene ne wannan, nawa ne, kuɗin wace ƙasa. In ya yi jim kafin ya amsa, koma kan na'ura ka gyara.