Kafin alƙalami a sana'ar girkin biki: nawa za a nema, kuma kuɗin na wane ne kafin ranar taro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yin girkin biki da suna a Kano shekara biyu ke nan, kuma har yau nauyin neman kafin alƙalami nake ji, don yawancin masu ba ni aiki 'yan uwa ne da ƙawaye. Kwanan baya wata ta sa na riƙe mata rana, na ƙi karɓar wani aikin saboda ita, na yi sayayya da kuɗina, saura kwana uku ta ce an ɗaga bikin. An shawarce ni in riƙa karɓar rabin kuɗi in rubuta cewa ba a mayarwa. Don Allah yaya zan yi ba tare da na ɓata da mutane ba, kuma ba tare da na ci haƙƙin kowa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya mayar miki da alheri. Abu biyu mai biki yake ɗauka daga wurinki tun kafin ki ɗora tukunya: ranarki, wadda da zarar kin ba shi kin rufe ƙofa ga wani, da kuma kuɗin cefane. Saboda haka adadin da za ki nema lissafin aikin ne zai fitar da shi, kuma "rabin kuɗi" da ake yawan faɗa wani lokaci ya isa, wani lokaci kuma ya bar ki da cike giɓi daga aljihunki.

Bari mu ɗauki misali, ki sauya alƙaluman da farashin kasuwa na ranar da za ki yi naki lissafin. A ce an nemi ki yi wa mutum 200 dafa-duka da kaza da haɗin kabeji, kowace roba a kan naira 3,500, jimilla naira 700,000. Busassun kaya da ba sa lalacewa, wato shinkafa da mai da kayan ƙamshi da robobi da cokula, sun ci 190,000. Kaji da kayan miya da ganye sun ci 230,000. Ladan masu taya ki aiki da gas da kuɗin mota sun ci 105,000. Abin da aikin zai ci ke nan 525,000, ribarki kuma 175,000. Idan kin karɓi rabi kawai, wato 350,000, to ke ce za ki ranta wa mai biki 175,000 daga jarinki, sannan ki zauna jiran su da ribar gaba ɗaya daga mutanen da hidima ta riga ta ƙarar musu da kuɗi.

Abin da na fi gani yana aiki shi ne a raba biyan gida uku. Ranar da aka yi magana a ba da kashi 20 cikin ɗari, wato 140,000, kuma sai ya shigo ne za ki rubuta ranar a littafinki. Saura kwana goma a ƙara 385,000, abin da ke hannunki ya kai 525,000 ɗin da aikin zai ci, daga nan ki shiga kasuwar Singa ki kwaso busassun kaya, ki bar kaji da kayan miya na kasuwar 'Yankaba sai taro ya matso. Cikon 175,000 kuma a biya ranar jajibiri. Ta haka ko da wani ya ci amana a ƙarshe, ribarki kaɗai ya riƙe, jarinki yana nan. Ki kuma sa wa farashinki wa'adi, musamman idan bikin na gab da azumi ne ko na ƙarshen shekara, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa: ki faɗa cewa farashin na mako biyu ne, idan kafin alƙalami bai shigo a cikinsu ba za a sake lissafi.

Game da nauyin da kike ji, maganinsa shi ne ƙa'idar ta zama ɗaya ga kowa, kuma a rubuce, domin abin da ke ɓata zumunci shi ne a ji an nemi kuɗi a wurin wance an ƙyale wance. Saƙo irin wannan ya wadatar: "Hajiya, na gode da kika tuna da ni. Ranar tana nan a buɗe. Tsarina ga kowa shi ne ana ba da kashi 20 kafin in rubuta rana, wato naira 140,000, kuma yana cikin kuɗin aikin. Ga yadda sauran biyan yake, ga kuma abin da za a yi idan an ɗaga ko an fasa." Idan kina son yi wa 'yar uwa alheri, ki rage mata daga ribarki, amma ta ba da kafin alƙalami kamar kowa. Kada kuma ki rubuta rana saboda hoton rasidi da aka turo miki ko saƙon alat, sai kin buɗe asusunki kin ga kuɗin da idonki.

Yanzu sai in zo kan abin da ya fi damuna, wanda kusan kullum nake cin karo da shi a wurin masu girki da masu kwalliyar wurin taro da masu hayar rumfa da kujeru. Da yawa sun ɗauka cewa da zarar kafin alƙalami ya shigo asusu ya zama nasu. Bai zama ba, Malama. Har zuwa lokacin da abinci zai isa wurin taro, wannan kuɗi bashi ne a wuyanki, wanda za ki biya da aiki ko ki mayar. Na ga mata masu hannun girki ƙwarai sun durƙushe saboda wannan kuskure kaɗai, kuma hanyar durƙushewar iri ɗaya ce. Kafin alƙalamin bikin watan gobe ya shigo, sai a zuba adashi da shi, a biya kuɗin makarantar yara, a sayi sabuwar kula. Lokacin cefane ya zo babu kuɗi, sai a ɗauki na mai biki na gaba a yi wa na yanzu girki. Muddin ayyuka suna shigowa a jere ba a gane komai, har ma mai sana'ar tana ganin kasuwa ta buɗe. Ranar da mutum biyu suka fasa a mako guda, ko azumi ya kama bukukuwa suka tsaya, ranar ce asiri ke tonuwa, a koma kashe waya da aika yara su ce ba ta nan.

Gwajin mai sauƙi ne. Ki tara duk kafin alƙalamin ayyukan da ba ki yi ba tukuna, ki cire abin da kika riga kika saya domin waɗannan ayyukan wanda yake ajiye a ɗakin ajiyarki, sannan ki duba ko abin da ya rage yana nan a asusu. Idan babu shi, kin fara cin kuɗin mutane ko da ba ki yi niyya ba. Shi ya sa nake matsa wa kowa ya buɗe asusu dabam na waɗannan kuɗaɗe, kowane aiki da shafinsa a littafi, kada a taɓa ribar aiki sai an wanke tukwanensa.

Daga wannan kuskuren ne shawarar da aka ba ki ta fito. Masu koyar da kasuwanci a kafafen sada zumunta, waɗanda wasunsu ba su taɓa dafa wa mutum hamsin abinci ba, suna ta yayata cewa ka rubuta "ba a mayar da kuɗi" shi ke nan ka tsira. Wannan rubutu ba ya goge haƙƙin kowa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, a sashe na 120, ta ba mai saye damar fasa abin da ya riƙe tun da wuri, ta kuma ba mai sana'a damar cire caji na fasawa wanda bai wuce hankali ba, ana duba tsawon sanarwar da aka bayar da yiwuwar samun wani mai saye a madadinsa. Wadda ta fasa saura wata biyu, ba ki sayi ko gishiri ba, kuma kika samu wani aikin a ranar, da wace hujja za ki riƙe mata 350,000?

Ta fuskar addini ma akwai magana. Ba da wani abu a kan sharaɗin idan an fasa mai sayarwa ya cinye shi, shi ne malamai ke kira cinikin urbun. Mazhabar Malikiyya da muke bi a nan ta hana shi, haka Hanafiyya da Shafi'iyya, Hambaliyya kuma ta halatta, sannan Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da shi a 1993 idan an ƙayyade lokacin jira. Kuɗin da aka bayar a matsayin wani ɓangare na farashi, wanda za a mayar idan ciniki bai yiwu ba, ba shi ne Malikiyya suka hana ba. Cire kuɗin kayan da kika riga kika saya da izinin mai biki zance ne dabam da cinye kuɗi don kawai an fasa, amma shi cajin riƙe rana, wato abin da za ki cire idan an fasa, ki kai wa malamin da kika amince da shi ya duba miki kafin ki sa shi a tsarinki.

Ga yadda misalinmu zai kasance idan kin sa cajin kuma an amince da shi tun farko. An fasa saura wata guda, 140,000 ne a hannunki, ba ki sayi komai ba: ki cire 35,000, ki mayar da 105,000, idan kuma ranar ta samu wani aikin ki mayar duka. An fasa saura mako guda, 525,000 ne a hannunki, kin sayi busassun kaya na 190,000: ki miƙa musu kayan tare da rasidinsu, ki cire 70,000 tunda ranar da wuya ta cike, ki mayar da 265,000. Idan kina da wani aikin da zai ci kayan, ki riƙe su ki mayar da 455,000. An fasa ranar jajibiri bayan an yanka kaji an markaɗa kayan miya: 420,000 sun riga sun zama kaya, kuma kayan nasu ne, su aiko a ɗauka, ladan masu aikin da suka fara yi ma a cire.

Ɗaga biki saboda rasuwa ko rashin lafiya ya fi fasawa yawa a wurinmu, kuma a nan ba na son a cire caji. A mayar da kafin alƙalamin kan sabuwar rana idan tana buɗe a littafinki, da sharaɗin za a sake duba farashin kaji da kayan miya idan ɗagawar ta wuce wata guda. Ki rubuta ɗaya ɓangaren ma a saƙon: idan ke ce kika gaza, za ki mayar da kuɗin cif cikin kwana biyu, ki kuma haɗa su da wata mai girkin da kika yarda da hannunta.