Kwana huɗu a Guangzhou: yaushe zan zauna ciniki, yaushe zan huta?

"Daga Kano zan tashi, in sauka Guangzhou ranar Litinin da la'asar, in juyo Juma'a da dare. Ina da ganawa biyu a cikin gari, sai ta uku a masana'antar tayil a Foshan, wadda ita ce babbar. Ina kuma son in samu rabin yini in ga gari. Yaya zan tsara?"

Alhaji, fara da agogo. Sin tana gaban Najeriya da awa bakwai, don haka ƙarfe 9 na safe a can, jikinka yana ƙarfe 2 na dare ne. Ba lokacin lissafin kuɗin kwantena ba ne wannan. Na taɓa zama ciniki da safe washegarin saukata, sai da na koma masauki na ga na amince da farashin da bai haɗa da kuɗin kai kaya tashar jirgin ruwa ba. Ido biyu nake, amma kan yana barci.

Jiki yakan gyara kusan awa ɗaya ne a kowace rana in an yi gabas, ke nan har ka dawo bai gama daidaita ba. Saboda haka ka jera ganawarka daga ƙarfe 2 na rana zuwa yamma. Dama mutanen can sukan tafi cin abinci da hutawa tsakanin 12 da 2, kai kuma a lokacin ne gari ke waye maka.

Litinin da dare ka daure har ƙarfe 10 kafin ka kwanta, ko da barcin zai yi gardama. Talata, bayan asuba ka koma ka ɗan rama, kada ka fita cikin hasken sassafe, don yana iya ƙara rikita maka barci. Bari sai azahar ka sha rana. Ka yi ƙaramar ganawa ranar, ta biyu Laraba. Shayi da gahawa kuma ka ajiye su daga la'asar.

Foshan ka ba ta Alhamis sukutum. Tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota in babu cunkoso, kuma za su zagaya da kai su kai ka cin abinci. Ka sanar da su tun da wuri cewa halal kake ci.

Rabin yinin ka bar shi Juma'a da safe, don in maganar Foshan ba ta ƙare ba, kana da inda za ka sa ta. In ta ƙare, ka je tsohon masallacin Huaisheng, ko ka yi Juma'a a masallacin Xianxian, inda Musulmin Sin ke cewa kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake, kodayake malaman tarihi sun ce a Baƙi'a aka binne shi. Sai ka ci abinci a unguwar Xiaobei.

Ka kuma duba tikitinka da kyau: in an rubuta 00:30 ranar Asabar, Juma'a da dare ake nufi, ƙarfe 9 ta yi maka a filin jirgi.