Goge lamba a bishiyar AVL: juyi ɗaya ba ya isa

"Ina karatun kwamfuta a nan Marwa. In na goge lamba a bishiyar AVL nakan yi juyi ɗaya kamar na sakawa, amma wani lokaci sai ta karkace. Ina laifin?"

Ƙanena, ni ma nan na taɓa tuntuɓe. Ka tuna, bishiyar AVL tsari ne na jera lambobi inda bambancin tsawon reshen hagu da na dama a kowace gaɓa ba ya wuce hawa ɗaya, juyi kuma sauya matsayin gaɓoɓi ne don maido da wannan daidaito. A sakawa, juyi yana mayar da reshe tsawonsa na dā, shi ya sa ake tsayawa. A gogewa kuwa, reshen na iya gajarcewa ko bayan juyin, sai karkatar ta haura sama. Zana wannan a takarda:

```
        8
     5      11
   3   7  10  12
  2 4 6  9
 1
```

Goge 12. Hagun 11 hawa biyu ne, damansa babu komai. Juya dama: 10 ya hau, 9 da 11 suna ƙarƙashinsa. Nan ya daidaita, amma reshen ya sauko daga hawa uku zuwa biyu. Yanzu dubi 8: hagu huɗu, dama biyu. Dole a sake juyi, 5 ya zama tushe, 7 ya koma hagun 8.

Saboda haka ka bi hanyar da ka sauko, kana gyara tsawo gaɓa bayan gaɓa. Kada ka tsaya sai ka tarar da reshen da tsawonsa bai canza ba, ko ka kai tushe.

Wani tarkon kuma: in ɗan da ke ɓangare mai nauyi rassansa biyu tsawonsu ɗaya, juyi guda ake yi, ba mai ninki biyu ba. Sakawa ba ta haifar da wannan yanayin, shi ya sa ake mantawa da shi.

In har yanzu ta ƙi, kai wa malaminka aikin tare da wannan bishiyar, ku bi shi layi-layi.